Yadda Ake Haɗa Kundin Maganganun Hira na Kanka, da Rubuta Inda Ba a Faɗarsu

Mai koyon harshe yakan fi shan kunya a ƙananan maganganu fiye da manya. Idan ya karya nahawu a doguwar jimla, masu harshen sukan gane nufinsa su yi masa uzuri. Amma idan ya ɗauko wata gajeriyar magana ta hira, ya furta ta daram kamar ɗan gari, sai dai ga wanda bai dace ba, to uzurin yakan yi wuya, domin iya furucin nasa ya sa an ɗauka ya san abin da yake faɗa. Ka ƙaddara wani baƙo yana koyon Hausa, ya ji "ina ruwana" a bakin samari, aka fassara masa da "abin bai shafe ni ba". Fassarar daidai take. Ranar da ya faɗa wa shugabansa na aiki haka, fassarar ba za ta cece shi ba.

Kundin da za mu haɗa a nan maganin wannan ne. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma duk sauran matakan a kanta suke: magana ba ta cancanci fita daga bakinka ba sai ka ji ta a bakin wanda matsayinsa ya yi daidai da naka, yana faɗa wa wanda matsayinsa ya yi daidai da na wanda za ka faɗa wa. Misalan za su fito ne daga Larabcin hira na Masar, amma tsarin yana aiki ga kowane harshe.

Kayan aiki da tsarin shafi

Ƙaramin littafin rubutu da zai shiga jaka ya isa, ko jadawali a waya ko kwamfuta. Idan littafi ne, ware rabin shafi ga kowace magana, ko da a ranar farko layi biyu kawai za ka cike. Wurin da ka bari fili shi ne zai ɗauki abin da za ka gano daga baya, kuma shi ne mafi daraja. Masu matse magana goma a shafi guda sukan ƙare da jerin kalmomi da fassararsu, wanda ƙamus ma ya fi shi.

Harshe ɗaya, yanki ɗaya, kundi ɗaya. Wannan sharaɗi ne mai muhimmanci, saboda maganar hira ba ta tsallaka iyaka lafiya. A Masar "mashi" na nufin "to, na yarda", a Maroko kuma kalmar korewa ce, wato "ba haka ba". "Mabsut" a Masar da Sham mai farin ciki ne, a Iraƙi kuwa ana faɗarta ga wanda ya sha duka. Addu'ar "ya'aɗik al-afiya" da mutanen Sham ke yi wa mai aiki, wato "Allah ya ba ka lafiya", tana iya yi wa ɗan Maroko banbaraƙwai, domin a bakinsu "afiya" wuta ce. Saboda haka rubuta sunan yankin a bangon kundin. Abin da ka ji daga wani yanki ka sa shi a shafukan ƙarshe, da sunan yankinsa a gefe.

Mataki na farko: kama maganar tare da abin da ke kewaye da ita

Lokacin da ka ji magana, kana da 'yan mintuna kafin abin da ke kewaye da ita ya gushe daga kanka. Kalmar kanta takan zauna, amma wanda ya faɗa, da fuskarsa, da abin da aka mayar masa, su ne ke fara tafiya. Don haka a nan take rubuta abu huɗu a gurguje: maganar yadda kunnenka ya ji ta, wa ya faɗa wa wa, abin da aka faɗa kafin ta, da abin da aka amsa bayanta. Fassara ta jira, kana iya nemo ta da daddare.

Amsar da ta biyo baya ita ce shaidarka mafi ƙarfi. Idan an yi dariya, maganar raha ce ko zolaya. Idan an mayar da irinta, su biyun tsara ne ko sun saba. Idan wanda aka faɗa wa ya yi shiru, ko ya koma magana cikin tsantsar ladabi, to an taɓa shi. Wanda ya rubuta magana ba amsarta ya rubuta rabin labari.

Wajen rubuta "wa ya faɗa wa wa", kada ka sa sunaye. Suna ba ya koya maka komai, kuma idan kundin ya faɗa hannun wani sai ya zama tsegumi. Rubuta matsayi: mace mai kimanin shekara 50 ga ɗanta, direba ga fasinja, ma'aikaci ga abokin aikinsa na ofis ɗaya. Sannan ka sa kibiya: mai kallon sama idan ƙarami ne ya faɗa wa babba, mai kallon ƙasa idan babba ne ya faɗa wa ƙarami, a kwance idan tsara ne. Bayan wata biyu, idan ka buɗe kundin, kibiyoyin nan kaɗai za su nuna maka cewa yawancin maganganun da suka fi burge ka a kwance suke ko suna kallon ƙasa, kuma kaɗan ne ke hawa sama.

A kula da inda aka samo magana. Fim da wasan kwaikwayo suna cike da faɗa, soyayya da barkwanci, don haka maganganunsu sun fi na rayuwa zafi. Fassarar da ke ƙasan allo kuma ana taƙaita ta don ta shiga layi biyu, sau da yawa ana sassauta zagi a cikinta. Abin da aka rubuta a shafukan sada zumunta yana da nasa yanayin, mutane na rubuta wa baƙo abin da ba za su iya faɗa masa ido da ido ba. Duk maganar da ta fito daga irin waɗannan wurare, rubuta tushenta a fili, kuma kada ka ƙirga ta a matsayin cikakkiyar shaida sai ka ji ta a bakin mutum a hira ta gaske.

Mataki na biyu: auna matakin maganar

Rubuta "ta hira ce" ko "ta ladabi ce" bai wadatar ba, domin a cikin hirar ma akwai hawa-hawa. Masana harshe biyu, Penelope Brown da Stephen Levinson, a aikinsu kan ladabin magana da ya fara fitowa a 1978 aka faɗaɗa shi a 1987, sun nuna cewa abu uku ne ke sa mutum ya ƙara ladabi ko ya rage: bambancin iko tsakanin masu maganar, nisan da ke tsakaninsu, da nauyin abin da ake nema ko ake faɗa. Waɗannan ukun su ne tambayoyin da za ka yi wa kowace magana. Kibiyarka ta riga ta amsa ta farko. Ta biyu ka amsa da kalma guda: baƙo, sani, ko na jiki. Ta uku ita ce mutane suka fi mantawa. Maganar da ta dace wajen roƙon aron biro ba lalle ta dace wajen roƙon rance ba, ko da mutumin ɗaya ne. A Masar "ma'alesh" tana wuce ƙaramin kuskure, kamar ka taka mutum ko ka makara da mintuna kaɗan, kuma ana lallashi da ita. Idan laifin babba ne, ka ce "ma'alesh" kawai, sai a ji kamar kana raina abin. A nan "ana asif", wato "ina neman afuwa", ake buƙata, tare da bayani.

A nan ne kuma za ka rubuta yadda maganar ke sauyawa da jinsi da girma. Gaisuwar "izzayyak", wato "yaya kake", ga namiji ce, "izzayyik" ga mace. "Inta" ita ce "kai", amma ga babba ko wanda ba ka sani ba Misirawa kan ce "hadritak", ga mace "hadritik". Idan ka rubuta siffa ɗaya kawai, ita bakinka zai haddace, kuma ita zai fitar ga kowa.

Mataki na uku: rubuta murya

Takarda ba ta ɗaukar murya, sai ka ƙirƙira mata alamu. Kaɗan sun isa, kuma kada ka sauya su: layi mai hawa idan murya ta tashi a ƙarshe, mai sauka idan ta faɗi, maimaita wasali idan an ja shi, ɗigo mai kauri idan an datse maganar da ƙarfi. A gefe ka ƙara abin da jiki ya yi: murmushi, ɗaga hannu, kau da kai. Mai jin Hausa ya san wannan tun daga "to". Akwai "to" ta yarda, akwai "tooo" ta mamaki, akwai "to" ta wanda ya gaji da gardama, kuma harufansu ɗaya.

Idan murya biyu ta ba da ma'ana biyu, ka ɗauke su maganganu biyu ne, kowace da layinta da kibiyarta. Idan kana da wanda ka yarda da shi, roƙe shi ya faɗi kowace siga ka naɗa a waya, daƙiƙa biyar zuwa goma, ka sa wa muryar lamba ɗaya da ta shafin. Kada ka naɗi muryar mutane a hira ba da saninsu ba.

Misali a aikace: "khalas"

Ka ce ka ji ta sau uku cikin mako biyu. Na farko, abokin aiki ya miƙa wa ɗan'uwansa takarda ya ce "khalas", murya a sauke, aka amsa da godiya. Kibiya a kwance, ma'ana "an gama". Na biyu, mutum biyu suna tsayar da lokacin haɗuwa, ɗaya ya ce "khalas, bukra", wato "shi ke nan, gobe", ɗayan ya ce "mashi". Nan ma a kwance, ma'ana "mun daidaita". Na uku, uwa ce ta datse ɗanta yana naci, da ƙarfi, tafin hannu a ɗage, yaron ya yi tsit. Kibiya na kallon ƙasa, ma'ana "ya isa haka".

Wanda ya tsaya a ji na farko zai rubuta "khalas: an gama", ya rufe littafi. Wata rana shugabansa yana tsakiyar yi masa bayani, shi kuma yana so ya nuna ya fahimta, sai ya ce "khalas, khalas" da sauri. A ransa ya ce "na gane, an gama", a kunnen shugaban kuwa siga ta uku ce ta fito, kuma ta fito tana hawa sama, inda ba a taɓa jin ta ba a cikin shaidun uku. Ga yadda shafin ya kamata ya kasance bayan ji na uku:

Magana: khalas. Yanki: Masar.
Siga ta 1, murya a sauke: an gama. Tsara ga tsara. Na ji sau 1.
Siga ta 2, tare da lokaci ko shawara: shi ke nan, mun daidaita. Tsara ga tsara. Na ji sau 1.
Siga ta 3, a datse, da ƙarfi ko a maimaice: ya isa. Babba ga ƙarami. Na ji sau 1.
Kada a faɗa: yayin da wani ke cikin magana, musamman babba, ga mai kawo kuka ko ƙorafi, don zai ji an rufe masa baki.
Madadi: "hadir" ga babba idan ya ba da umarni, "tamam" don nuna an fahimta.
Matsayi: duka sigogin uku, ganewa kawai, ba a furta su tukuna.

Dubi layin madadi da kyau. Hani ba tare da madadi ba ba ya aiki, domin a lokacin magana baki ba ya son shiru, abin da ya fi kusa zai ɗauko, kuma abin da ya fi kusa shi ne wanda ka hana shi. Duk inda ka rubuta "kada a faɗa", to a ƙarƙashinsa ka rubuta abin da za a faɗa.

Yadda ake cike layin "kada a faɗa"

Wannan layi ba a cike shi da zato. Hanya uku ce ke kawo abin da za a rubuta a cikinsa. Ta farko ita ce giɓin da ke cikin shaidunka: idan ka ji magana sau biyar kuma ba ko sau ɗaya da ta hau sama, rubuta "ban taɓa ji ƙarami ya faɗa wa babba ba". Rubuta shi haka, a matsayin abin da ba ka ji ba, har sai an tabbatar maka cewa haramun ne ko kuwa dai ba ka ci karo da shi ba ne. Ta biyu ita ce lura da sauyi: mutumin da ke faɗar magana kullum, sai wani ya shigo ya daina. Wanda ya shigo ɗin shi ne amsarka.

Ta uku ita ce tambayar mai harshen, kuma a nan yawancin mutane ke ɓata tambayar. Idan ka ce "wannan maganar daidai ce?", zai ce daidai ce, domin yana jin nahawunta kake tambaya, ko kuma ba ya so ya karya maka gwiwa. Tambayi abin da zai sa ya hango fuskar wani: "Za ka faɗa wa mahaifinka haka?" "Idan sabon ma'aikaci ya faɗa maka haka a ranarsa ta farko, ya za ka ji?" "Wane irin mutum ne ke yawan faɗar wannan?" Ka kalli fuskarsa kafin ya ba da amsa. Idan ya yi dariya ko ya ɗan yamutsa fuska sannan ya ce "ba laifi", dariyar za ka rubuta. Sai tambaya ta ƙarshe wadda ba a so a tsallake: "Idan ni na faɗa fa?" Akwai maganganun da 'yan gida ke yi wa juna, na zolayar ƙabila, yanki, addini ko siffar jiki, waɗanda ba sa karɓuwa daga baƙo komai daɗewarsa. Irin waɗannan suna shiga kundin ne don ka gane su idan an faɗa, ba su da ranar fita.

Tambayi mutum biyu aƙalla, kuma su bambanta a shekaru ko jinsi. Saurayi ɗan shekara 20 zai ce maka kowa na faɗa, alhali "kowa" a wurinsa abokansa ne. Idan amsoshin biyu suka saɓa, kada ka zaɓi ɗaya ka jefar da ɗaya. Rubuta duka biyun da shekarun masu su, saɓanin shi ne bayanin da kake nema.

Matsayi uku, da yadda magana ke hawa

Kowace magana tana shiga kundin da matsayin "ganewa kawai". Tana hawa zuwa "gwaji" idan ka ji ta sau uku daga bakin mutum biyu ko fiye, kuma layin "kada a faɗa" da na madadi ba fanko suke ba. Gwajin farko ka yi shi da wanda idan ka kuskure zai gaya maka ba tare da ya riƙe ka a zuci ba, kuma a irin yanayin da ka ji ta. Idan hirar ta ci gaba kamar ba a ce komai ba, an dace. Idan aka yi dariya aka ce "a ina ka koyo wannan?", ba lalle laifi ba ne, amma alama ce cewa maganar ta yi fice a bakinka, sai ka tambayi dalili. Wataƙila ta tsufa, wataƙila ta yara ce, wataƙila ta wani rukuni ce da ba ka ciki. Bayan gwaji biyu ko uku lafiya, sai ta koma "amfani", amma ga irin mutanen da kibiyarta ta nuna kawai.

Kada ka ɗora wa kanka fiye da sababbin maganganu biyar a mako. Kowace tana buƙatar a sake jin ta, a tambaya, a gwada. Wanda ke zuba ashirin a mako zai tara shafuka masu kai ba jiki.

Bita

Idan za ka yi katunan bita, na takarda ko a manhaja irin Anki, ka lura da abin da ke fuskar katin. Katin da ke da magana a gaba da fassara a baya yana koya maka ganewa ne kawai, ya dace da masu matsayin farko. Ga waɗanda za ka furta, yanayi ne zai zauna a gaba: "Shugabanka ya ce ka kawo rahoto gobe, kana so ka amsa da ladabi." A baya: "hadir". Sannan ka yi wa kowace magana mai haɗari katin tarko guda, wanda yanayinsa ke jan baki zuwa gare ta alhali ba wurinta ba ne: "Babba yana cikin yi maka bayani, ka riga ka gane." A baya: "Jira ya gama, sannan tamam. Ban da khalas." Anki na karɓar fayil na rubutu zalla da aka raba filayensa da waƙafi ko makamancinsa, a adana shi a tsarin UTF-8 don kada haruffa masu ƙugiya da na Larabci su rikice.

Sau ɗaya a wata uku, bi kundin daga farko da biro mai wani launi. Sa kwanan wata a gefen duk maganar da ka sake ji a tsakanin. Wadda ta shekara ba ka ji ta a bakin kowa ba, mayar da ita "ganewa kawai", domin maganganun samari sukan tashi su faɗi cikin 'yan shekaru, yayin da irin su "ma'alesh" da "khalas" suke zaune daram. Haka kuma idan matsayinka ya sauya, ka sami ƙarin girma a wurin aiki ko ka koma cikin wasu mutane, sake duba kibiyoyin, saboda wanda yake tsararka jiya yana iya zama na ƙasa da kai yau, kuma zolayar da ta dace a da za ta koma danniya.

Idan magana ta kuɓuce maka a inda bai dace ba, alamun sukan bayyana nan take: ɗan shiru, murmushin da ya tsaya a leɓe, ko mutum ya koma kiranka da laƙabin girmamawa bayan da yana kiran sunanka. Kada ka yi dogon bayani. Ba da haƙuri a gajarce, ka ce kana koyon harshen ne, ka tambayi yadda ya kamata a ce. Don haka shafin farko na kundin, kafin kowace maganar hira, ya ƙunshi jimloli uku a siga mafi ladabi da harshen ke da ita, waɗanda ka haddace har ba sai ka yi tunani ba: ta ban haƙuri, ta cewa kai mai koyo ne, da ta tambayar yadda ake faɗa. A daren ranar ka buɗe shafin maganar da ta kuɓuce, ka ƙara a layin "kada a faɗa" matsayin wanda ka faɗa wa, da wurin, da abin da ya biyo baya, sannan ka sauke ta mataki ɗaya har sai ka sake jin ta a bakin mai irin matsayinka.